Wata ɗaya bayan 31 ga Janairu: lissafin da timedelta ya ƙi yi a Python

Idan aka tambayi mutum wace rana ce za ta zama kwana goma bayan 31 ga Janairu, zai ƙirga da yatsu ya ce 10 ga Fabrairu, kuma babu mai yi masa musu. Amma idan aka ce masa wata ɗaya bayan 31 ga Janairu fa? Nan zai tsaya ya yi shiru, domin babu 31 ga Fabrairu. Wani zai ce 28 ga Fabrairu, tunda ranar ce ƙarshen watan. Wani ya ce 1 ga Maris. Wani kuma ya ƙirga kwana talatin da ɗaya ya sauka a 3 ga Maris. Kowannensu yana da hujja.

Wannan saɓanin shi ne dalilin da ya sa Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja da aka fi koyo a duniya, bai yarda a ƙara wata a kan kwanan wata ta hanyar `timedelta` ba. Masu fara koyo sukan ɗauka mantuwa ce aka yi. Ba mantuwa ba ce. Ƙara wata hukunci ne da mutum zai yanke, kuma Python ya bar wa mai rubuta manhajar ya yanke da kansa.

Abin da timedelta yake aunawa

A cikin Python akwai wani kunshin kayan aiki mai suna `datetime`, wanda ya shigo harshen a shekarar 2003 tare da Python 2.3. A cikinsa akwai `date`, mai riƙe da rana ɗaya a kalanda, akwai kuma `timedelta`, mai riƙe da tsawon lokaci. Ana iya ba wa `timedelta` makonni, kwanaki, sa'o'i, mintuna, daƙiƙu da gutsattsarin daƙiƙa. Duk abin da aka ba shi, narkar da shi yake yi ya ajiye abu uku kawai: kwanaki, daƙiƙu, da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Idan ka ce masa mako biyu, abin da zai ajiye shi ne kwana 14. Bai ma san cewa da sunan mako ka ba shi ba.

```python
from datetime import date, timedelta

date(2025, 1, 31) + timedelta(weeks=2)    # 2025-02-14
date(2025, 1, 31) + timedelta(months=1)   # TypeError
```

Layin farko ya yi aiki saboda mako kwana bakwai ne a kowane lokaci, ko a rani ko a damina. Layi na biyu ya tsaya da kuskure saboda babu adadin kwanakin da za a narkar da wata a cikinsa. Daga 1 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu wata ɗaya ne, kwana 31. Daga 1 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris ma wata ɗaya ne, amma kwana 28, ko 29 a shekarar da Fabrairu ya sami ƙari. Kafin a san tsawon wata, sai an san daga ina aka fara ƙirga shi. Shi kuwa `timedelta` ba ya ɗauke da wurin farawa. Tsawo ne tsurarsa, wanda ake iya ɗora wa kowace rana.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba da kalandar Hijiriyya. A daren ashirin da tara ga wata, babu mai rantsuwa cewa gobe ɗaya ga sabon wata ne ko talatin ga tsoho, sai an duba an gani, a Nijeriya kuma a jira sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Kalandar Miladiyya da Python ke bi ba ta jiran ganin wata, an riga an rubuta tsawon kowane ɗaya, amma ita ma watanninta ba su da tsawo ɗaya: bakwai masu kwana 31, huɗu masu kwana 30, sai Fabrairu shi kaɗai. Tun gyaran da Fafaroma Gregory na 13 ya yi a 1582, ƙa'idar Fabrairu ita ce ya sami kwana 29 a shekarar da huɗu ke rabawa, sai dai in shekarar ta cika ƙarni, to sai ɗari huɗu ta raba ta. Shi ya sa 2000 ta sami ƙarin, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

Akwai alkawuran da `timedelta` ya ɗaukar wa mai amfani da shi. Idan ka ƙara shi a kan wata rana sannan ka cire, za ka koma ranar da ka baro. Idan ka kwatanta guda biyu, zai faɗa maka wanda ya fi tsawo. Idan ka nemi jimlar daƙiƙunsa, zai ba ka lamba ɗaya. Da an shigar da wata, duk alkawuran nan za su rushe. Wata ɗaya ya fi kwana 30 tsawo, ko bai kai ba? Daƙiƙunsa 2,419,200 ne, ko 2,678,400? Amsar ta dogara da wane wata ake nufi. Saboda wannan dalilin ne ma babu shekara a cikin `timedelta`.

Gajerun hanyoyi biyu da ke ɓatar da mutum

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ƙungiyar taimakon kai da kai ta sayar wa ɗanta keken ɗinki bashi ranar 31 ga Janairu 2025, zai biya kashi shida, wata-wata. Ana son manhaja ta fitar da ranakun biyan, ta riƙa tura masa saƙon tuni.

Dabarar da ke fara zuwa ran kowa ita ce a ɗauki wata a matsayin kwana 30. Ga ranakun da hakan zai haifar: 2 ga Maris, 1 ga Afrilu, 1 ga Mayu, 31 ga Mayu, 30 ga Yuni, 30 ga Yuli. Dubi jerin da kyau. Fabrairu ya wuce babu biya ko ɗaya, Mayu kuma ya ɗauki biya biyu. Ma'ajin ƙungiya zai rufe littafin Fabrairu da giɓi, telan kuma zai ga an nemi kuɗi a hannunsa sau biyu a wata ɗaya, alhali wata-wata aka yi da shi. Ko da ranar farawa ba ta kusa da ƙarshen wata, lissafin zamewa yake yi a hankali. Talatin sau goma sha biyu 360 ne, shekara kuma 365. Wanda ya fara ranar 15 ga Janairu 2025 zai tarar biyansa na goma sha biyu ya faɗo 10 ga Janairu 2026.

Abin da ya sa wannan kuskuren ya fi haɗari shi ne ba ya ƙara. Python ba zai nuna alamar komai ba, domin a wurinsa lissafin daidai ne: kwana talatin aka nema, kwana talatin ya bayar. Sai mutane sun fara ƙorafi kafin a gane.

Dabara ta biyu ta fi kusa da gaskiya. Maimakon ƙirga kwanaki, sai a bar ranar yadda take, a sauya lambar watan kawai:

```python
rana.replace(month=rana.month + 1)
```

Ga 15 ga Janairu, wannan zai ba da 15 ga Fabrairu lafiya lau. Amma yana da ramuka biyu. Idan ranar ta faɗo a Disamba, zai nemi wata na 13, Python ya tsaya da `ValueError`. Idan kuma ranar 31 ga Janairu ce kamar ta telanmu, zai nemi 31 ga Fabrairu, nan ma `ValueError`. Irin wannan manhaja takan yi makonni tana aiki sumul, domin daga 1 zuwa 28 ga wata babu abin da zai taɓa ta. Sai ƙarshen wata ya zo, lokacin da ake biyan albashi da haya, ta tsaya cik. Duk manhajar da aka lura tana faɗuwa a ranakun 29, 30 da 31 kawai, ko a Disamba kawai, nan ya kamata a fara dubawa.

Yadda ake yi da hannu

Hanyar da ta tsaya da ƙafafunta tana da matakai uku. Da farko a gano wace shekara da wane wata za a sauka, ba tare da an kula da rana ba tukuna. Sannan a tambayi kwana nawa ne a wannan watan. Daga ƙarshe, idan ranar asali ta wuce ƙarshen watan, a dawo da ita ranar ƙarshe. Duk abin da ake buƙata yana cikin Python, ba sai an sauko da komai ba.

```python
from calendar import monthrange

def kara_wata(rana, n):
    jimla = rana.year * 12 + (rana.month - 1) + n
    shekara, saura = divmod(jimla, 12)
    wata = saura + 1
    karshe = monthrange(shekara, wata)[1]
    return rana.replace(year=shekara, month=wata,
                        day=min(rana.day, karshe))
```

Dabarar layin farko ita ce mayar da shekara da wata su zama lamba ɗaya, wato jimlar watanni. An rage ɗaya daga lambar watan ne domin Janairu ya zama sifiri, Disamba ya zama 11, ta yadda rabawa da 12 za ta fita daidai. Mu gwada da 30 ga Nuwamba 2023, a ƙara wata uku. 2023 sau 12 ya ba da 24,276. A ƙara 10 na Nuwamba, a ƙara 3, an sami 24,289. Shi `divmod` yana raba lamba ya ba da sakamako da abin da ya rage: 2024, saura 1. Saura 1 na nufin wata na biyu, Fabrairu. Ka ga an tsallaka sabuwar shekara ba tare da an rubuta wani sharaɗi na musamman don Disamba ba.

Daga nan `monthrange` zai amsa da lambobi biyu: ranar makon da watan ya fara, da yawan kwanakinsa. Ta biyun muke so, shi ya sa aka rubuta `[1]`. Ga Fabrairun 2024 amsar 29 ce, kuma shi ya riga ya san ƙa'idar huɗu da ɗari huɗu, ba sai ka koya masa ba. Sai `min` ya zaɓi ƙarama tsakanin 30 da 29. Sakamako: 29 ga Fabrairu 2024. Idan baya ake son komawa, sai a ba `n` lamba mai ragi. Wata ɗaya kafin 31 ga Maris 2025 zai fito 28 ga Fabrairu.

Kayan da aka riga aka ƙera

Yawancin masu aiki da Python ba sa rubuta wannan da kansu. Suna amfani da `dateutil`, wani kunshi da Gustavo Niemeyer ya fara, wanda ba ya zuwa tare da Python, sai an sauko da shi ta hanyar buga `pip install python-dateutil`. A cikinsa akwai `relativedelta`, wanda ya bambanta da `timedelta` a abu ɗaya babba: yana ajiye wata a matsayin wata, ba ya mayar da shi kwanaki, sai lokacin da aka ɗora shi a kan takamaimiyar rana.

```python
from dateutil.relativedelta import relativedelta

date(2025, 1, 31) + relativedelta(months=1)   # 2025-02-28
date(2025, 3, 15) + relativedelta(month=1)    # 2025-01-15
```

Layin farko ya yanke hukunci irin wanda muka yanke da hannu: idan rana babu ita a watan, a koma ranar ƙarshe. Layi na biyu kuwa tarko ne, kuma harafi ɗaya ne ya raba su. `months=1` na nufin a ƙara wata ɗaya. `month=1` na nufin a mayar da watan ya zama na ɗaya, wato Janairu. Dukansu halal ne a wurin Python, don haka ba zai yi gargaɗi ba. Alamar da ake gane wannan kuskuren da ita ita ce duk ranakun da manhajar ke fitarwa su riƙa taruwa a Janairu.

Ya kamata a sani cewa komawa ƙarshen wata zaɓi ne, ba dokar lissafi ba. `EDATE` na Excel da `plusMonths` na Java haka suke yi su ma. Amma `setMonth` na JavaScript barin kwanakin yake yi su malala cikin wata na gaba, ta yadda 31 ga Janairu 2025 zai zama 3 ga Maris. Idan shafin da abokin ciniki ke gani a wayarsa da JavaScript aka lissafa ranar, ofis kuma da Python, to mutum ɗaya zai iya ganin ranakun biya iri biyu, kuma kowace manhaja ta bi ƙa'idarta.

Tarkon da ya rage bayan an gyara komai

Mu koma kan telanmu. Yanzu muna da kayan aikin da ke ƙara wata daidai. Sai mai rubuta manhajar ya yi abin da hankali ke fara kawowa: ya ƙara wata ɗaya ya sami ranar biya ta farko, ya ƙara wata ɗaya a kanta ya sami ta biyu, haka har shida. Ta farko 28 ga Fabrairu, daidai. Ta biyu fa? Wata ɗaya bayan 28 ga Fabrairu shi ne 28 ga Maris. Daga nan 28 ga Afrilu, 28 ga Mayu, har zuwa 28 ga Yuli. Lambar 31 ta ɓata a Fabrairu, ba ta sake dawowa ba, domin `date` ba ya tuna cewa an taɓa datse shi. Telan da aka yi yarjejeniya da shi a kan ƙarshen wata yanzu ana binsa kwana biyu ko uku kafin lokaci, idan kuma akwai tarar jinkiri, za a ci shi tara a kan laifin da bai yi ba.

Maganin shi ne kada a taɓa ɗora lissafi a kan sakamakon da ya gabata. A ajiye ranar asali, kowane biya a ƙirgo shi daga can:

```python
asali = date(2025, 1, 31)
for n in range(1, 7):
    print(asali + relativedelta(months=n))
```

Wannan zai fitar da 28 ga Fabrairu, 31 ga Maris, 30 ga Afrilu, 31 ga Mayu, 30 ga Yuni da 31 ga Yuli. Kowane wata biya ɗaya, kuma duk inda 31 take an koma mata. Darasin ya wuce layin manhaja, ya shafi abin da ake ajiyewa a rumbun bayanai. Idan ranar biya ta gaba kaɗai aka ajiye, ana goge ta ana rubuta sabuwa duk wata, to ranar asali ta tafi. Dole a ajiye ta daban, tare da adadin biyan da aka yi.

A nan ne ake ganin hikimar hana `timedelta` taɓa wata. Wata ɗaya sau biyu bai zama daidai da wata biyu a dunƙule ba: na farko ya kai mu 28 ga Maris, na biyu 31 ga Maris. Kuma tafiyar ba ta komawa ta hanyar da ta zo. A ƙara wata a kan 31 ga Janairu 2025 sannan a cire, sai a tsinci kai a 28 ga Janairu. Hasali ma ranaku huɗu, 28, 29, 30 da 31 ga Janairu, duk a 28 ga Fabrairu suke haɗuwa, don haka wanda ya ga sakamakon kaɗai ba zai iya sanin daga wacce aka taso ba.

"Ƙarshen wata" magana ce daban

Akwai bambanci tsakanin a ce ranar 30 ga kowane wata da a ce ƙarshen kowane wata. Idan yarjejeniya ta fara ranar 30 ga Afrilu, `relativedelta(months=1)` zai ba da 30 ga Mayu, domin lambar 30 ya gani, bai san cewa ita ce ranar ƙarshe ta Afrilu ba. Idan ƙarshen wata ake nufi, kamar yadda ake yi a rufe lissafin ofis, sai an faɗa a fili:

```python
date(2025, 4, 30) + relativedelta(months=1, day=31)   # 2025-05-31
```

Kalmar `day` a nan, ba tare da harafin jam'i ba, tana tsayar da ranar a 31, idan kuma watan bai kai 31 ba, sai ta sauka a ranarsa ta ƙarshe. Haka batun shekara yake. Abin da ya fara ranar 29 ga Fabrairu 2024, bayan wata 12 zai faɗo 28 ga Fabrairu 2025. Ko hakan ya dace, ko 1 ga Maris ya kamata, ba kwamfuta ce za ta faɗa ba. Takardar yarjejeniya ce ko dokar da ta shafi harkar.

Idan kuma akwai sa'a a tare da ranar, a kula da agogon da ake lissafi da shi. Manhajoji da yawa suna ajiye lokaci da agogon UTC, wanda Nijeriya da Nijar suke gabansa da sa'a ɗaya. Cinikin da aka yi a Kano ƙarfe 12:30 na dare ranar 31 ga Janairu 2025, a agogon UTC 11:30 ne na daren 30 ga Janairu. Idan aka ƙara wata a agogon UTC, za a sami 11:30 na daren 28 ga Fabrairu, wanda a Kano 1 ga Maris ya riga ya shiga. Idan aka fara mayar da lokacin agogon gida kafin a ƙara, amsar 28 ga Fabrairu ce. Wata na kalandar mutane ne, don haka da agogon mutanen ake ƙara shi.

Kafin a saki manhajar

Ba a gwada lissafin wata da ranar 10 ko 15, domin ko gurguwar dabara ma takan haye su. Ranakun gwaji su ne waɗanda aka san suna kayar da manhaja: 31 ga Janairu a shekara mai Fabrairu 28 da kuma mai 29, 29 ga Fabrairu da ƙarin wata 12, kowace rana a Disamba da ƙarin wata ɗaya, kowace rana a Janairu da ragin wata ɗaya, da 30 ga Afrilu don a ga ko ƙarshen wata ake nufi. Sannan a fitar da jerin shekara guda daga 31 ga Janairu a karanta shi da ido: idan akwai watan da aka tsallake, ko wanda ya zo sau biyu, ko aka ga lambar 28 ta maƙale har ƙasa, an san inda matsalar take.

Shi kuwa `timedelta`, aikinsa yana nan inda aka faɗi adadin kwanaki. Kuɗin data mai wa'adin kwana 30, ko takardar da aka ce a amsa cikin kwana 14, da shi ake lissafa su, kuma sanya `relativedelta(months=1)` a wurin kwana 30 shi ma kuskure ne. Saboda haka tambayar farko ba ga Python ake yin ta ba. Mai aikin ake tambaya, ma'ajin ƙungiya ne ko mai gidan haya: da kuka ce wata ɗaya, kwana talatin kuke nufi, ko irin wannan rana a wata mai zuwa, ko ƙarshen wata? Idan kuma ranar babu ita a watan, baya za a koma ko gaba? Amsar da suka bayar sai a rubuta ta a yarjejeniya, sannan a rubuta ta a manhaja.